Ranar 14 ga wane wata? Yadda ake fitar da jerin shekaru daga hoton shafin littafin tarihi

Littafin tarihi guda ɗaya yakan yi wa aji guda hidima a makarantun sakandare da dama na Nijar. Wanda ya samu aronsa na dare ɗaya sai ya ɗauki hoton shafukan da wayar salula, ya tura wa abokai, su ma su tura wa nasu. Abin da ke isa hannun ɗalibi na ƙarshe shi ne tarin hotuna a hargitse, wasu sun dusashe, wasu kuma inuwar hannun mai ɗauka ta rufe musu gefe. Daga irin wannan tari ake so ya fitar da jerin shekaru da abubuwan da suka auku a cikinsu, wanda zai dogara da shi ranar jarrabawa. Ka'idar wannan aiki guda ce: ba a amincewa da kwanan wata don kawai ido ya karanta shi, sai an ɗaura shi a kan aukuwa guda, an rubuta shafin da ya fito, sannan an gwada shi da na gabansa da na bayansa.

Wata ɗaliba a Damagaram ta yi wannan aiki a kan babin da ke bayanin shigowar Faransawa ƙasar Nijar, daga 1890 zuwa 1900. Hotuna tara ƙawarta ta turo mata. Kafin ta karanta ko da layi ɗaya, sai ta nemi lambar shafi a kan kowane hoto, ta rubuta lambobin a jere. Nan take ta ga akwai shafi na 42 har sau biyu, na 45 kuma babu shi. Wannan dubawa ba ta cin fiye da minti biyar, amma wanda ya tsallake ta ba zai san cewa labari ya yanke ba, domin ƙarshen wani shafi da farkon wanda ke bayan na gaba sukan haɗu su yi kama da jimla ɗaya. Ta roƙi a sake ɗauko mata shafin da ya ɓace, kuma a turo shi a matsayin fayil, saboda manhajojin aika saƙo suna matse hoto don rage nauyinsa, kuma ƙananan lambobi ne ke fara lalacewa.

Daga nan ta ja layuka huɗu a tsaye a cikin littafin rubutunta. Gida na farko na kwanan wata ne, na biyu na abin da ya faru, na uku na wurin da ya faru, na huɗu na lambar shafi. A gida na biyu ta tilasta wa kanta rubuta cikakkiyar jimla mai ɗauke da mai aiki da aikinsa. Idan aka rubuta "1899, Lugu" kawai, bayan mako biyu ba za a tuna wa ya kai hari ba, balle wa ya tare shi. Idan kuwa aka rubuta cewa rundunar Voulet da Chanoine ta kai wa Sarauniya Mangu hari a Lugu ranar 16 ga Afrilu 1899, jimlar za ta iya tsayawa da ƙafarta a takardar amsa. Duk lambar da ba ta samu irin wannan jimla ba, kamar yawan sojoji ko shekarar da aka ɗauki wani hoto na cikin littafin, ba ta shiga jerin.

Wahala ta farko da ta ci karo da ita ita ce marubucin littafi ba ya bin lokaci sau da ƙafa. Babin ya fara ba da labarin yadda Faransawa suka ci birnin Damagaram a ƙarshen watan Yuli 1899, sannan ya koma baya don ya faɗi dalili, ya ce sun zo ne da niyyar ɗaukar fansar Kyaftin Cazemajou da aka kashe a birnin a shekarar da ta gabata. A wannan jimla babu lamba ko ɗaya, alhali akwai shekara a ɓoye cikinta. Mai neman lambobi da ido kaɗai zai wuce ta. Ɗalibar ta yi lissafi ta samu 1898, ta rubuta shi da fensir maimakon biro, alamar cewa ita ta ƙirgo shi. Sai da ta tarar da 5 ga Mayu 1898 a rubuce ƙarara a wani shafi sannan ta bi ta kansa da tawada. Haka ta yi da kowace magana irin "bayan kwana biyu" ko "a wannan shekara". Hatsarin irin waɗannan kalmomi shi ne suna rataye da jimlar da ta gabace su, kuma idan wannan jimla tana shafin da ya ɓace, lissafin zai ɗora a kan shekarar da ba ita ba.

Wahala ta biyu ta fi tsanani, kuma hoton ne ya jawo ta. Littafi mai kauri ba ya shimfiɗuwa, yakan lanƙwashe a wajen ɗinki, sai kalmomin da ke bakin layi su nutse cikin inuwa. A shafi na 43 akwai jimla kan yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Paris don shata iyaka tsakanin yankunansu. Abin da ake iya karantawa na kwanan watan shi ne 14, sai haruffa uku, *jui*, sai duhu. Lambar ƙarshe ta shekarar kuma tana iya zama 8, tana iya zama 9. A Faransanci watanni biyu ne ke farawa da waɗannan haruffa, *juin* da *juillet*, wato Yuni da Yuli. Ɗalibar ta riga ta ga 14 ga Yuli 1899 a wani wuri cikin babin, ranar kuma sananniya ce ga duk wanda ya yi karatun boko a Nijar tun da ita ce ranar bikin ƙasar Faransa. Hannunta ya rubuta 14 ga Yuli 1899 ba tare da jinkiri ba.

Yayanta, wanda ke karatun tarihi a jami'a, ya duba jerin, bai gaya mata amsa ba. Ya ce: "Ƙanwata, karanta mini daga sama zuwa ƙasa, amma tsakanin kowane layi da na gaba ki sa kalmar saboda haka." Ta fara. Rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Isa ta doshi gabas a watan Janairu 1899. Ta kai Lugu a Afrilu, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni a watan Mayu. Sannan aka ƙulla yarjejeniya a Yuli. Nan ta tsaya. Ta ce: "Yaya, ai littafin ya ce an tura su ne su bi iyakar da yarjejeniyar ta shata. Ta yaya za su bi iyakar da ba a shata ba tukuna?" Ya ce ta koma kan hoton ta auna faɗin duhun. Kalmar *juin* haruffa huɗu ce, *juillet* bakwai, kuma gurbin da ke tsakanin *jui* da shekarar bai isa ya ɗauki haruffa huɗu ba. Hujjoji biyu suka haɗu a wuri guda: yarjejeniyar ta 14 ga Yuni 1898 ce. Ita kuwa 14 ga Yuli 1899 ranar da Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb ce a Dankori, kusa da Tasawa, wanda gwamnatin Faransa ta aiko ya karɓe ragamar rundunar bayan labarin ta'asarta ya isa Paris.

Darasin da ke nan ya shafi kowace lamba da ta dusashe. A hoto mara kyau 8 takan rikiɗe ta zama 9 ko 3, 1 kuma ta yi kama da 7. Ƙara girman hoton da yatsu ba ya dawo da abin da ba a ɗauka ba, sai dai ya ba ido damar ganin abin da zuciya ke zato. Abin da ke raba gardama shi ne tambayar ko wannan aukuwa za ta yiwu kafin waccan. Idan tambayar ba ta raba ba, sai a sa alamar tambaya a gefe, a koma ga littafin na takarda ta lambar shafin da aka ajiye.

Ga yadda jerin ya tsaya bayan gyara:

- 5 ga Agusta 1890: Faransa da Ingila sun amince da layin Say zuwa Baruwa a bakin tafkin Cadi.
- 5 ga Mayu 1898: an kashe Cazemajou a Damagaram.
- 14 ga Yuni 1898: yarjejeniyar Paris ta sake shata iyakar.
- Janairu 1899: rundunar Voulet da Chanoine ta doshi gabas.
- 16 ga Afrilu 1899: yaƙin Lugu.
- Mayu 1899: kisan gilla a Birnin Ƙonni.
- 14 ga Yuli 1899: an kashe Klobb, cikin kwana uku sojoji suka kashe Chanoine da Voulet.
- Ƙarshen Yuli 1899: an ci Damagaram a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga.
- 22 ga Afrilu 1900: yaƙin Kusuri, inda Rabe da Kwamanda Lamy suka mutu.

Mataki na ƙarshe shi ne mayar da jerin zuwa layi mai ma'auni. Ta ba kowace shekara santimita biyu, layin ya zama santimita ashirin. Sai ga kusan santimita goma sha shida fayau, yayin da abubuwa biyar suka cunkushe a cikin gurbin 1899, har ta ja wa wannan shekara layi na dabam wata-wata. Jerin da aka rubuta layi bisa layi ba ya nuna wannan, domin yana ba shekara takwas da kwana uku fili iri ɗaya. Layi mai ma'auni ne ke nuna cewa an raba ƙasar a takarda shekaru kafin sojoji su taka ta, sannan mamayar yankin Hausa ta auku cikin ƴan watanni.

Akwai kuma abin da jerin ba ya iya faɗa, kuma ya kamata mai shi ya sani. Kwanakin da ke cikinsa sun fito ne galibi daga rahotannin sojan Faransa da takardun yarjejeniya, shi ya sa mutuwar hafsa guda take da rana da wata, garuruwa da yawa da aka ƙone a kan hanyar rundunar kuwa ko sunansu bai shiga babin ba. Saboda haka yawan layukan da wata aukuwa ta samu a jeri ba shi ne nauyinta a tarihi ba. Wanda aka tambaya dalilan faɗuwar Damagaram zai ɗauki kwanakin daga jerin, amma bayanin dalili sai ya koma shafukan da gida na huɗu ya nuna masa.