Inda Ƙarfi Kan Cije: Masu Ɗaga Siminti a Kura da Bunkure

A Kura da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya sa noma ba ya yankewa rani da damina, samari kan cika gwangwanaye biyu da siminti, su soka bututun ƙarfe a tsakani, su riƙa ɗagawa da yamma. A watanni biyu ko uku na farko ƙarfi kan hauhawa, daga nan sai ya cije.

Galibin ƙaruwar farko ba daga sabuwar tsoka take fitowa ba. Ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke koyon sarrafa wadda ke akwai. Idan koyon ya kankama, abin da ya rage shi ne gina tsoka, ita kuwa ba ta ginuwa sai aikin ya ƙaru. Siminti da ya daskare ba ya ƙara nauyi.

A ɗauki saurayin da ke ɗaga kilo 30 sau 8. Hanyarsa ita ce ya riƙa ƙara ɗagawa ɗaya har ya kai 12, sannan ya rataya ƙullin yashi mai kilo 1 a kowane gefe, ya koma 8.

Amma idan adadin ya fara raguwa, musamman lokacin yankan shinkafa da dakon buhuna, to gajiya ce ta danne ƙarfin, kuma ƙarin nauyi ɓarna zai yi. Maganinta shi ne ya rage atisayen da rabi na mako guda, ya wadatu da barci, ya yawaita cin wake, awara, kifi da nono.