Kaskon Baba

Ranar da ciwon ƙafa ya kwantar da Baba, mu biyu muka karɓi teburin shayinsa a Tudun Wada, bakin titin da ɗaliban Kongo ke bi. Haɗa shayi bai ba mu wuya ba. Ƙwai ne ya tona mana asiri.

A daren farko muka ɓata guda shida. Mun ƙure wutar risho don mu sallami mutane da wuri, man gyaɗa ya tayar da hayaƙi, wainar ta ƙone ta ƙasa alhali cikinta ruwa ne tsululu. Wani tsohon kwastoman Baba ya gutsura sau ɗaya, ya biya, ya tafi bai ce uffan ba. Kuɗin maganin Baba kuwa daga kiret ɗin nan yake fitowa.

Da safe muka kai masa kasko da risho har bakin tabarmarsa.

"Ku bar kallon layi, ku kalli mai," in ji shi.

Ya sa muka ɗora kaskon a matsakaiciyar wuta, muka zuba babban cokali ɗaya na mai don ƙwai biyu. Ya ce mu ɗiga kaɗaɗɗen ƙwai a ciki. In ɗigon ya kwanta shiru, da sauran lokaci, kuma waina za ta sha mai. In ya yi "cuu" ya taso, a zuba. In mai ya yi hayaƙi, a sauke ya huce. Minti ɗaya, gefe ya kama, sama ya daina gudu, sai a juya. Rabin minti kuma a kwashe. Albasa da attaruhu a yanka su ƙanana. Tumatir kuwa a fara soya shi, don ruwansa ne ke yaga waina.

Ƙwan da ake fasawa a bar gwaiduwarsa a tsaye ya fi son haƙuri. A rage wuta, ƙaramin cokali na mai ya isa, a rufe da murfi minti biyu zuwa uku. Tururi ne ke dafa samansa. Da zarar farin ya daina rawa, ya yi.

Na dagargazawa a kan indomi shi ma ƙaramar wuta yake so. A yi ta juyawa kamar minti ɗaya, a sauke yana da sauran danshi, zafin kasko zai ƙarasa shi.

Bayan mako biyu mutumin nan ya dawo. Muka soya masa biyu, gabanmu na faɗuwa. Ya cinye tas, ya share farantin da burodi, ya ce, "Malam ya samu sauƙi ke nan?"

Muka ce yana gida, da sauƙi.

"To ku ƙaro ɗaya."