Lambobi huɗu da zafin rumbun dawa

Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, da duk mai karanta lissafi ko injiniyanci: kafin ku miƙa wa kwamfuta lissafin Fourier, wanda ake rubutawa DFT, ku yi na lambobi huɗu da biro. Ba ya buƙatar komai sai tarawa da ɗebewa.

Mu ƙaddara an auna zafin cikin rumbun dawa da ƙarfe shida na safe, sha biyun rana, shidan yamma da sha biyun dare, aka samu digiri 22, 34, 30, 26. Amsa za ta fito a gurbi huɗu:

```
X0 = 22+34+30+26        = 112
X1 = (22-30) - j(34-26) = -8 - 8j
X2 = 22-34+30-26        = -8
X3 = (22-30) + j(34-26) = -8 + 8j
```

Gurbin X0 jimla ce kawai. A raba 112 gida huɗu, matsakaicin zafin yinin 28 ne.

Labarin yana cikin X1, domin shi ke ɗauke da zafin da ke hawa ya sauka sau ɗaya a awa 24. Girmansa tushen 128 ne, wajen 11.3. A ninka shi biyu a raba da huɗu, a samu 5.7: zafi na haura 28 da digiri 5.7, ya kuma faɗi ƙasa da shi da haka. Me ya sa ake ninkawa? Saboda X3 tagwayen X1 ne, alamar j kaɗai ta juya. Muddin ma'aunin ba shi da j, rabin abin na nan, rabi na can.

Kusurwarsa kuma ita ke faɗin lokaci, nan ne mutane ke zamewa. Kalkuleta za ta raba -8 da -8 ta ba ku 45°, alhali ɓangarorin biyu duk ƙasa da sifili suke, don haka kusurwar -135° ce. Zagaye 360° awa 24 ne, 135° kuwa awa tara. Awa tara bayan shidan safe, ƙarfe ukun rana ke nan, dab da la'asar. Wanda ya yarda da 45° zai ce rumbu ya fi zafi ƙarfe ukun dare!

X2 ba shi da tagwaye, ba a ninka shi: -8 a raba da huɗu, -2 ne, mai juya alama duk awa shida. Ni ban cika gaskata wannan gurbi ba, yana bakin iyakar abin da awo huɗu ke iya gani. Abin da ke maimaituwa duk awa takwas ma zai shigo ne da rigar X1, ba yadda za a bambance su sai an ƙara yawan awo.

Don tantancewa, ku tara gurbin huɗu. Masu j za su kashe juna, saura 88, wato 22 sau huɗu. In ba lambar farko sau huɗu kuka samu ba, ku koma ku bi alamomin ɗebewa ɗaya bayan ɗaya.