Kafin A Kira Zaman Sulhu

A gari irin Rogo Ruma, inda malami da uban ɗaliba kan haɗu a sahu ɗaya a masallaci, abin da ake fara tunani idan zargi ya taso shi ne a kai magana gaban mai gari a kashe ta cikin gida. Wannan hanya tana da kyau a rikicin gona, amma a zargin cin zarafin yaro takan ɓatar da shaida, ta bar yarinya cikin haɗari.

A ce yarinya 'yar aji biyar ta shaida wa wata malama, ranar Litinin da hantsi, cewa wani malami yana tsayar da ita bayan an tashi, yana taɓa jikinta. Aikin malamar shi ne ta saurara, ta rubuta kalaman yarinyar yadda suka fito, da rana da lokaci, ta sa hannu. Kada ta yi tambayar da ke sa amsa a baki, irin "ya cire miki hijabi, ko?", domin lauya zai rushe shaidar da wannan a kotu. Kada kuma ta yi alkawarin rufe sirri, tunda dole ta sanar da shugaban makaranta.

Kafin azahar, shugaban ya janye malamin daga aji da duk wata hulɗa da ɗalibai, a rubuce. Wannan ba hukunci ba ne. Kariya ce ga yarinyar, kuma kariya ce ga malamin idan ƙazafi aka yi masa. Kuskure mafi muni shi ne a haɗa su a ofis a ce ta maimaita a gabansa. Yaro kan janye maganarsa a irin wannan zama, kuma janyewar tsoro ba ta wanke kowa.

A ranar za a sanar da iyaye, da sakataren ilimi na ƙaramar hukumar Rogo, da 'yan sanda, domin binciken laifi ba aikin makaranta ba ne. Idan akwai alamar fyaɗe, asibiti ne kan gaba: maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne idan an fara shi cikin awa 72, kuma wanka ko wankin tufafi kan tafi da shaida. Cibiyar Waraka da ke Asibitin Murtala a Kano don irin wannan aka kafa ta.

Saura tambaya ɗaya: idan shugaban ne ake zargi fa? Kano ba ta manta da Hanifa ba, wadda kotu ta yanke wa mai makarantarsu hukuncin kisa a 2022 saboda sace ta da kashe ta. Don haka kowace malama ta riƙe lambar sakataren ilimi a wayarta, ta kuma san tana da ikon kiransa ba tare da izinin kowa ba.