Gabatar da Sabon Liman a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya tashi daga tashar 'Yankaba ta Kano ranar Alhamis da rana ya nufi Gumel, sai ya yi haƙuri da manyan motoci, domin ranar ce kasuwar Maigatari take ci. Tun daga Gezawa muke ta kaucewa motocin shanu da raguna da suka yo lodi daga bakin iyaka, har muka wuce Gujungu. Lokacin kaka ne, gero a ɗaure dami-dami, riɗi a jingine yana shan rana. A Gumel na sauka na hau babur zuwa garin su mahaifiyata, inda Kawu yake jirana. Shi ne magatakardan kwamitin masallacin Juma'a, shi kuma aka ɗora wa karanta sanarwar gabatar da sabon liman washegari. Tsohon limamin ya rasu tun da damina, na'ibinsa ne yake riƙe da salla tun daga nan.

Na zaci aikin gyaran rubutu kawai aka kira ni. Da aka idar da Lisha muka zauna a zauren Kawu, shi da ladan da wasu dattawa biyu, sai na tarar takardar shafi ɗaya ce, amma kowane layi an yi gardama a kansa.

Wani matashi ne ya yi rubutun farko, kuma ya buɗe da digirin da sabon limamin ya yi a Jami'ar Bayero. Kawu ya ɗaga takardar kusa da fitila, ya girgiza kai.

"Ɗana, mayar da wannan ƙasa. Mutanen nan ba takarda za su fara tambaya ba. Ɗan wane ne, a gaban wa ya durƙusa, wannan suke son ji."

Haka aka sake jeri. Aka fara da mahaifinsa da unguwarsu, sai tsangayar da ya sauke Alƙur'ani ya haddace, sai zaurukan da ya yi karatun littattafai: Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, Askari, har Muhtasar, kowanne da sunan malamin da ya biya masa. Digirin ya zo daga ƙarshe. Ina ganin Kawu ya yi daidai, ba don jami'a ba ta da daraja ba. Jerin littattafan nan yana gaya wa mai sauraro abin da yake buƙata kai tsaye, wato mutumin ya san fiƙihun Malikiyya da garin yake salla a kai, ya san hukuncin ƙabli da ba'adi, ba zai rikice ba idan ya yi mantuwa a gaban sahu. Sunayen malaman kuma shaida ce da kowa zai iya bincikawa, tunda wasunsu suna raye, kuma ana zuwa gaishe su.

Akwai wani dalili da ba a rubuta ba. Na'ibin ya girmi sabon limamin nesa ba kusa ba, ya yi shekaru yana bayan marigayi, kuma mutane da yawa sun ɗauka shi zai gada. A littattafan Malikiyya, idan masu cancanta suka taru, bayan mai mulki da mai gida, wanda ya fi fiƙihu ake gabatarwa, sannan wanda ya fi hadisi, sannan wanda ya fi ƙira'a, sannan wanda ya fi ibada. Shekaru suna can baya. Lissafa littattafan wata hanya ce ta faɗin wannan ba tare da an kira sunan kowa an ce an fi shi ba. Shi kansa na'ibin, in ji ladan, ya ce idonsa ya yi rauni, ba ya iya duba huɗuba sai da ƙyar. Duk da haka sai da aka keɓe masa layi uku: godiya kan riƙon da ya yi, tabbatar da cewa yana nan a matsayinsa, da cewa shi zai ci gaba da jan sallar Azahar da La'asar a ranakun aiki.

Wannan layi na ƙarshe shi ya kai mu ga maganar da ta fi cin lokaci. Sabon limamin malamin makaranta ne a Gumel, a can yake da iyali. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce lallai a rubuta ƙarara cewa zai tare a garin, ya kuma kawo hujja. A Malikiyya limamin Juma'a sai ya kasance mazauni, matafiyi ba ya jan ta sai in ya yi niyyar zaman kwana huɗu, kamar yadda ake buƙatar mazauna gari goma sha biyu ban da liman su tsaya tun daga huɗuba har sallama.  Dattijon ya ce ba ya son ranar da wani zai tashi ya ce limaminsu baƙo ne, mai zuwa Juma'a ya koma. Ya ƙara da abin da ya fi hujjar littafi ƙarfi a wurina: gawa ba ta jiran ranar Juma'a. Aka rubuta cewa liman zai zauna a gidan da ke jikin masallaci, zai riƙa zuwa aiki yana dawowa.

Sauran ayyukan ba su ja gardama ba: huɗuba da sallar Juma'a, Asuba da Magariba da Lisha, Idi biyu, ɗaurin aure, raɗin suna, jana'iza, sulhu tsakanin ma'aurata, da karatun Risala tsakanin Magariba da Lisha. An sa cewa lissafin rabon gado zai yi idan magada sun yarda, in kuwa an yi jayayya a tafi gaban alƙali. An kuma faɗi abin da ba nasa ba ne, wato kuɗin asusun masallaci, wanda zai zauna a hannun ma'aji, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Na ji daɗin wannan. Limamai da yawa da aka zubar wa mutunci ba a kan karatu aka kama su ba, a kan kuɗin siminti ne da ba su taɓa gani ba.

Ni na tayar da maganar abin da za a riƙa ba shi. Zauren ya yi tsit, ladan ya shiga gyaran hula. A al'ada ba a faɗa, liman yana cin abin da Allah ya hore daga goron ɗaurin aure da damin da manoma suke kai masa da kaka. Amma mutumin da zai riƙa zuba mai a babur kullum saboda jama'a, bai kamata a bar shi da "Allah ya saka" kaɗai ba. Aka tsaya a kan cewa hayar shagunan da ke jikin katangar masallaci za a riƙa raba ta tsakanin liman da na'ibi da ladan, ba tare da an ambaci adadi a lasifika ba.

Ranar Juma'a tun hantsi aka shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Wakilin hakimi ya iso da takardar amincewa daga fada, domin limancin Juma'a ba kamar na masallacin unguwa ba ne da mutanen layi za su tsayar da wanda suka ga dama. Sunan yakan bi ta hannun dagaci da hakimi kafin ya dawo da izini. Kafin kiran salla Kawu ya miƙe ya karanta sanarwar, muryarsa tana ɗan rawa da ya zo kan sunan marigayi. Da ya gama sai aka kira na'ibi ya yi naɗin da hannunsa. Tsohon ya tashi a hankali, ya warware farin rawani, ya riƙa zagaya shi a kan hular saurayin da ya taɓa koya wa Ishmawi, yana lalube da yatsu inda ido ya gaza. Wakilin hakimi ya yafa alkyabba, ladan ya miƙa sandar huɗuba ta marigayi, wadda mariƙinta ya yi baƙi ya yi santsi. Wani dattijo a gefena ya ce, "To, magana ta ƙare." Duk layukan da muka kwana muna tacewa ba su yi aikin da hannun tsohon nan ya yi ba.

Huɗubar gajera ce, da Larabci sannan fassara. Bayan salla aka koma ƙofar gidan dagaci don walima. 'Yan Islamiyya suka yi karatu, aka fito da tuwon gero da miyar kuka da fura a ƙwarya, mata kuma suka shiga gaida uwargidan liman da ta tare a daren jiya. Limaman ƙauyukan kewaye suka zo bi da bi. Na lura har limamin masallacin Izala na bakin kasuwa ya zo ya yi musabaha, ya zauna aka ci abinci da shi. Shi sabon limamin da aka ba shi damar magana bai wuce minti kaɗan ba. Ya juya wajen na'ibi ya ce, "Baba, in na yi kuskure a mihirabi, ka gyara mini kamar yadda ka saba."

Kawu ya hana ni tafiya a ranar, ya ce ba a gane karɓuwar liman da taron Juma'a, tunda kowa yakan zo kallo, sai da Asuba. Sahu ya cika fiye da yadda ladan ya ce an saba. Abin da dattawa suke jira shi ne raka'a ta biyu, ko zai tsaya bayan sura ya yi ƙunutu a asirce kafin ruku'u, kamar yadda garin ya gada, ko zai wuce kamar wasu 'yan zamani. Ya tsaya. Bayan sallama ba wanda ya ce uffan a kai, amma na ga mutum biyu sun kalli juna.

Abu ɗaya ne sanarwar ta tsallake da gangan, shi ne tafsirin azumi. Na'ibi ne yake fassara Jalalaini a masallacin shekara da shekaru, da mai jan baƙinsa, kuma kujerar tafsiri a gari irin wannan ta kusa kai mumbari daraja. Na ce wa Kawu gara a yanke yanzu da zukata suke da taushi, kada a bari sai an ga wata kowane ɓangare ya kawo lasifikarsa. Ya ce ba a karɓe wa tsoho abu biyu rana ɗaya, kwamiti zai zauna a kai cikin Rajab. Yana faɗin haka mai babur ya iso, na hau muka kama hanyar Gumel don in samu motar Kano ta safe.