Ranar da aka kore ni daga ƙofar aji

Shekara 19 ke nan ina koyarwa tun da na fito daga makarantar horar da malamai ta Bawa Jangorzo a Maradi, kuma fiye da rabinsu a ajin farko, CI, na yi su. Kowane farkon Oktoba aikina ɗaya ne: in tsaya a bakin ƙofa in ce wa iyaye, "Ku tafi gida, minti goma ya daina kuka." Bana sai abin ya zo kaina. Autarmu ta cika shekara shida.

Ana saura kwana biyu muka shiga kasuwar Katako, muka ratsa ta wajen masu katako da masu ƙera tukwane, muka sayo jaka ta jika uku, da allo, da alli, da soso, da gorar ruwa. Jakar ta kai mata har bayan gwiwa. Ranar shiga lakwal uwarta ta ƙulle mata dala ashirin ta ƙosai a bakin kallabi, ni kuma na ɗauki hoto biyu. A na farko tana tsaye a ƙofar gida tana washe giɓi. A na biyu, bakin aji, ta riƙe ƙafar wandona, hawaye da majina sun haɗu.

Na biyun ya fi ban dariya, kuma har na rubuta a ƙarƙashinsa: "Likitar gobe ta ƙi shiga asibiti." Saura in tura a WhatsApp sai na tuna da yayanta.

Shekara takwas da suka wuce na sa irin wannan hoton nasa, na rubuta "Sarkin Kuka ya hau gadon mulki." An yi dariya, na ji daɗi. Amma wata maƙwabciya ta nuna wa ɗanta, ɗan kuwa ajinsu ɗaya. Kafin mako ya ƙare sunan ya shiga filin makaranta, har yaran da Zabarmanci kaɗai suke ji sun iya faɗarsa. Sai da ya kai aji huɗu yana dambe a kansa. Wata rana ya tambaye ni, "Baba, wa ya fara sa mani sunan nan?" Na ce ya je ya yi alwala, lokacin salla ya yi.

A nan na gane abin da kakanninmu suka riga mu sani. Wasa yana da masu shi. Kaka tana tsokanar jika, taubashi yana tsokanar taubashi, kowa ya san wasa ne, kuma yaron yana da damar ramawa. Uba ba abokin wasa ba ne. Abin da ya faɗa a kan ɗansa a gaban jama'a, hatimi ne. Hoton ya ɓace bayan awa 24, laƙabin ya zauna.

Saboda haka na goge. Na koma hoton farko, na yanke gefen da allon sunan makarantar maƙwabtanmu ya fito, don ba kowa ya kamata ya san hanyar da yarinya take bi da safe ba. Na gwada "Jaka ta tafi lakwal da Auta." Wannan ba laifi, jakar ake wa dariya. Sai dai bai faɗi abin da ya faru da safen nan ba.

Ga abin da ya faru. Auta ta yi shiru tun kafin minti goman, ta sami wata yarinya suna gwada alli. Ni ne na kasa tafiya. Ina laɓe a jikin taga sai malamarsu, wadda a gabana ta fara aiki, ta leƙo ta ce, "Mushe, don Allah ku tafi gida. Ku ne kuke tayar mata da hankali."

Shi na rubuta: "Shekara 19 ina korar iyaye daga ƙofar aji, yau an kore ni. Auta lafiya lau. Uban ne ke neman addu'a."

Ma'aunina yanzu guda ne: in ta iya karatu ta ga rubutun, za ta yi dariya tare da ni ko za ta sunkuyar da kai?

Amsar da ta fi kowace daɗi daga Maradi ta zo, muryar mahaifiyata: "Kishiyata ta tafi boko? Madalla, a ce mata kada ta dawo, na riƙe mijin." Da rana na kunna wa Auta. Ta karɓi wayar ta ce, "Kaka, ke ko allo ba ki da shi."

Hoton kukan yana nan a wayata. Nata ne. In ta girma, ita za ta zaɓi wanda za ta nuna wa.