Katin hoto da ƙaramar kwamfuta: a auna kafin a saya

Duk wanda ya leƙa ofisoshi da shagunan buga takardu daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa Tarauni zai ga irin kwamfutar nan siririya ta Dell ko HP, 'yar gwanjo, kwance a ƙarƙashin allo. Don aikin ofis aka ƙera ta, kuma tana yin sa shekara da shekaru ba ta gajiya. Rigima tana tasowa ne ranar da mai ita ya so ta tace bidiyo ko ta ɗauki wasa, aka ce masa ai katin hoto kawai zai sauya. Maganar gaskiya ce, amma rabi.

Ɗan yayana yana haɗa bidiyon biki a wani shago da ke Gyaɗi-Gyaɗi, da OptiPlex 9020 ƙarama, ƙirar 2013. Ya tara kuɗin ayyuka da dama, ya zo mini da niyyar sayen RTX 3060 da wani ya yi masa talla a wajen Farm Centre. Na ce mu buɗe akwatin tukuna.

Takardar da ke manne a jikin fawa saflai ta ce wat 255. Furosesarsa, Core i5-4570, tana iya cin wat 84. Muka ware kamar wat 40 ga uwar allo da ma'adana da fankoki, ya zama 124. Katin da yake kwaɗayi yana cin wat 170 shi kaɗai, jimla 294 ke nan, ya zarce abin da na'urar za ta iya bayarwa ko tana sabuwa, balle wadda ta haura shekara goma tana shan ƙurar hunturu.

Akwai kuma wani shingen. Ramin PCIe da ake soka kati ba ya ba da fiye da wat 75. Katin da ya fi haka ci sai an ja masa waya ta daban mai fil shida ko takwas daga fawa saflai, wannan kuwa ba ta da ita. A nan ne wasu ke kawo dabarar wayar jona da ke ɗebo wuta daga soket ɗin SATA. Ni dai ban yarda da ita ba. Soket ɗin nan don faifai aka yi shi, abin da yake ɗauka bai fi wat hamsin da 'yan kai ba. A ɗora masa kati sai ya yi zafi, roba ta narke, wani lokacin har da kayan da ke kusa. Sauya fawa saflai ma ba kamar ta kwamfutar haɗi ba ne, domin siffarta doguwa ce ta musamman, kuma wayar da take shiga uwar allo mai fil takwas ce, ba 24 da aka saba ba.

Sai girma. Akwatin ba ya karɓar kati sai mai gajeren ƙarfe, wato mai rabin tsayi. Ramin babba kuma yana dab da fawa saflai, don haka kati mai kaurin rami biyu, irin yawancin GTX 1050 Ti da GTX 1650 masu wat 75, ba ya zama a ciki. Dole a mai da shi rami na biyu mai layi huɗu maimakon goma sha shida, a yi asarar ɗan sauri.

Da ɗan wasa ne, da na ce ya yi hakan. Shi mai bidiyo ne, bukatarsa katin da ke matse bidiyo da kansa. GT 1030 mai wat 30 da RX 6400 mai wat 53 duk sirara ne, za su shiga lafiya, amma babu ɗayansu da ke da wannan sashe. Muka tsaya a kan Quadro P1000 na 2017: wat 47, gigabait 4, rami ɗaya. Jimlar cin wuta ta koma 171, da saura mai yawa. Sai da muka tabbatar gajeren ƙarfen yana cikin kwali, muka kuma sayi wayar Mini DisplayPort, don ita kaɗai katin ke karɓa, kuma dole wayar allo ta bar uwar allo ta koma jikinsa.

Kafin ya biya, na sa aka ɗora masa aiki mai nauyi na rabin awa, akwati a rufe, muna duban zafi a manhajar GPU-Z. Idan kwamfuta ta mutu ɗif ba sanarwa daidai lokacin da aiki ya yi nauyi, fawa saflai ce ta gaza. Idan fanka ta yi ta ƙara, aiki yana ja da baya amma ba ta mutu ba, zafi ne, kuma a watan Afrilun Kano wannan ba wasa ba ne. Tasa ba ta yi ko ɗaya ba. Ragowar kuɗin ya sayi faifan SSD da su, kuma inbatarsa tana riƙe shagon idan an ɗauke wuta.